Matsirgar garinmu da mai kuɗin Abuja: mu bayar ko mu riƙe?

Tambaya: Malam, barka da war haka. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu, wani ƙauye a bayan Jos. Muna da matsirgar ruwa da ɗan kurmi a gindin dutse, kuma tun da yara suka fara ɗora hotunanta a waya baƙi ke zuwa kusan duk Asabar. Yanzu wani mai kuɗi daga Abuja yana so a ba shi wurin na shekara 30 ya gina masauki. Matasa na cewa arziki ne ya zo, dattawa na cewa za a ɓata mana ruwan sha. Don Allah wa ke da gaskiya?

Amsa: Barka kadai, Malam Sakatare. Kada ku sa hannu a kan komai tukuna, kada kuma ku kori mutumin. Na daɗe ina aiki da garuruwa irin naku, kuma abin da na gani shi ne yawon buɗe ido yana barin sawu biyu a duk inda ya shiga, sawun kuɗi da sawun ƙafa. Sawun ƙafa a wurinku yake zama dole, domin ƙasarku ake takawa, ruwanku ake shiga. Sawun kuɗi kuwa ba dole ba ne ya zauna, yakan bi motar da ta kawo shi ya koma. Matasanku kuɗin suke hange, dattawanku ƙafar suke gani, kuma ba za ku san wanda ya fi gaskiya ba sai kun zauna da takarda da biro kun auna duka biyun.

Mu fara da kuɗin, da motar da kuka saba gani ranar Asabar. Alƙaluman da zan kawo na misali ne don ka ga yadda ake lissafin, kai sai ka sa na gaskiya da kake gani da idonka. A ce bas ce mai cin mutum 18 ta taso daga Abuja, kowa ya biya mai shirya tafiyar naira dubu 50. Jimla naira dubu 900 ke nan aka kashe saboda matsirgarku. Hayar mota da mai a Abuja aka biya. Shinkafa da kaji da lemo a Abuja aka saya aka zuba a kula. Mai hoto da su ya zo, riguna iri ɗaya da suka sa a can aka buga, ribar mai shirya tafiya ma can za ta kwana. Me ya shigo garinku? Kuɗin shiga naira dubu ɗaya-ɗaya, dubu 18. Yara biyu da suka nuna musu hanya an ba su dubu 6. A ce kowane baƙo ya fid da dubu 2 daga aljihunsa ya sayi wani abu, dubu 36. Duka dubu 60, wato bai kai kashi 7 cikin 100 na abin da aka kashe ba. Cikin dubu 36 ɗin nan ma, idan lemon kwalba da biskit suka saya a shagon bakin hanya, mai shagon gobe zai kwashi mafi yawan kuɗin ya kai wa dila a Jos, ɗan abin da ya ɗora kawai ne nasa. Su kuma sun bar muku ledoji da robobi da ƙasusuwan kaji da bayan gidan mutum 18.

Wannan zurarewar kuɗi ita ce babbar cutar yawon buɗe ido a ƙasashe masu tasowa, daga ƙauye har ƙasa ɗungurungum. Baturen da ya sayi hutun mako biyu a Gambiya yana biyan kamfanin ƙasarsu ne tun kafin ya taso. Jirgin nasu ne, otal ɗin sau da yawa na baƙi ne, wani abincin ma shigo da shi ake yi. Gwamnati za ta ƙirga shi cikin waɗanda suka shigo ta yi shelar an samu ci gaba, alhali mai sayar da gyaɗa a bayan katangar otal bai ga ƙeyarsa ba. Shi ya sa idan aka ce mini wuri kaza ya samu baƙi dubu kaza, ba na cewa madalla sai na ji nawa ne ya kwana a garin.

To, dawo kan bas ɗin nan, mutum 18 dai, ba a ƙara ko ɗaya ba, amma gari ya tsara kansa. An ce mota ta tsaya a bakin kwalta, 'yan acaɓar gari su shiga da baƙi su fito da su a kan 1,500 kowa, dubu 27. Kuɗin shiga ya koma dubu 2 da rasit, dubu 36. Ba mai sauka gindin ruwa sai da ɗan jagora, mutum shida jagora ɗaya, kowane jagora dubu 8, dubu 24. An yi magana da mai shirya tafiya tun ranar Alhamis cewa matan gari za su dafa abincin rana, gwaten acca ko tuwon acca da dankali soyayye, a kan 3,500 kowa, dubu 63. Sannan a mafita an jera dankalin turawa da kabeji da karas da zuma da acca wankakkiya a ƙulle, kowa ya yi tsaraba ta dubu 3, dubu 54. Haɗa ka gani: dubu 204. Ya ninka na farko fiye da sau uku, ƙafafun da suka taka ƙasarku kuma ba su ƙaru ba. Wani abin ma da ya fi wannan, kusan duk kuɗin a kan abin da garin ke nomawa ko aikin da 'yan garin suka yi aka biya, don haka zai sake zagayawa: mai dafa abinci ta sayi acca wurin maƙwabciyarta, ɗan acaɓa ya biya kuɗin makarantar ƙanwarsa, mai zuma ya ƙara amya. Amfanin yawon buɗe ido na gaskiya ke nan ga wurin da ba shi da masana'anta. Mai saye ne yake zuwa har ƙofar gida da ƙafarsa, ba ka biya kuɗin mota ba, ba ka bi ta hannun ɗan kamasho a Farin Gada ba. Kuma aikin da yake samarwa na mata ne da matasan da ba su da takardar makaranta mai zurfi, waɗanda su ne suka fi shan wahalar samun abin yi.

Abin lura shi ne, duk ƙarin nan bai buƙaci an aza bulo ko ɗaya ba. Riƙe wannan, za mu dawo kansa idan mun zo kan mai kuɗin.

Yanzu ƙafa, inda dattawa suke tsaye, kuma a nan zan daɗe domin a nan ne ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Ƙasar da ke kan duwatsun Filato ba ta da kauri. A wurare da yawa taƙi ɗaya ko biyu za ka haƙa ka tarar da dutse, kuma saiwar ciyawa ce kaɗai ke riƙe da ita. Idan mutum ɗari suka bi gangare ɗaya, ciyawar ta mutu, ƙasar ta danƙare ba ta shan ruwa. Ruwan Yuli da Agusta na Jos kuwa ka san shi, sai ya mai da hanyar magudana. Hanya ta yi santsi, sai masu zuwa su riƙa ratsewa gefe, su buɗe wata sabuwa kusa da ita, ita ma ta mutu. Cikin damina biyu ko uku 'yar siririyar hanya ta zama kwazazzabo, ƙasar da ta zaizaye kuma a ina take tarawa? A cikin tafkin da ke gindin matsirgar, wanda shi ne abin da baƙin ke zuwa gani, shi ne kuma abin da matanku ke ɗiba.

Kurmin bakin rafi ma haka. Itatuwan nan su ke yi wa ruwa inuwa, su ke riƙe gaɓa, su ke sa rafi ya kai watan Maris bai ƙafe ba. Manyan itatuwa ba sa mutuwa da wuri, shi ya sa mutane ke ruɗuwa su ce ai kurmin yana nan lafiya. Duba ƙarƙashinsu. Idan babu 'yan tsirrai masu tasowa, an tattake su, an kakkarya na gasa nama, to kurmin ya daina haihuwa, tsofaffin ne kawai ake jira su faɗi.

Na taɓa aiki da wani gari da ba zan ambaci sunansa ba. Shekarar farko da wurinsu ya yi suna, ranar biyu ga Sallah mutane suka cika shi maƙil, har da masu kiɗa da janareta. Kwamiti ya yi ta murna da kuɗin ƙofa. Na je bayan kwana uku. Tun daga nesa wari ya tare ni, domin babu ban-ɗaki ko ɗaya, kowa bayan dutse ya zagaya. Ledar fiyawata ta toshe bakin da ruwa ke fita daga tafkin, kumfar sabulu ta taru a gefe, an sassaƙa sunaye a jikin wata tsohuwar ɓaure har ɓawonta ya ɗaye. Wata tsohuwa ta same ni a wurin da tulunta babu komai a ciki, ta ce, “Ɗana, ku da kuka yi boko, wannan ruwan yanzu na sha ne ko na kallo?” Ban sami abin ce mata ba. Makon da ya biyo baya yara da dama suka yi ta gudawa, kuɗin da aka tara a ƙofa wani kasonsa a kantin magani ya ƙare. Ni ma ina da laifi a ciki, domin na taya su tallata wurin kafin mu haƙa masai.

Daga nan na koyi cewa kafin a yi maganar kiran baƙi, sai an san adadin da wuri zai iya ɗauka, kuma kuna iya fitar da wannan adadi da kanku da igiyar awo. Je ka auna falalen dutse da fili inda mutum zai tsaya ko ya zauna ba tare da ya taka ciyawa ko ya shiga kurmi ba. A ce ka samu murabba'in mita 300. Ba kowane mutum mita 5, ka samu mutum 60 a lokaci ɗaya. Sai ka duba ban-ɗaki: a ce rami ɗaya na mutum 25 ne, kuna da biyu, mutum 50. Sai jagorori: idan shida kuka horar, kowa na riƙe da mutum shida, mutum 36. Adadinku shi ne mafi ƙanƙanta cikin ukun, wato 36, ba 60 ba. Kuna so ya ƙaru, ku horar da ƙarin jagorori, ku ƙara rami, amma ba zai taɓa wuce 60 ba domin dutsen ba ya faɗaɗa. Idan kuka raba yini gida biyu, na safe da na la'asar, kun ninka kuɗi ba ku ninka cunkoso ba. Da rani, lokacin da ruwa ya ja baya kuma ƙazanta ba ta wankewa, a rage adadin ko a hana shiga ruwa gaba ɗaya. Da tsakiyar damina kuma haɗarin daban ne: ana iya yin ruwa a kan tudu can nesa, sama tana garau a wurinku, ambaliya ta sauko cikin 'yan mintuna. Ɗan gari ya san alamar, ruwa ya fara sauya launi yana ɗauko ganye da kara. Baƙo bai sani ba, kuma gawa ɗaya ta isa ta rufe muku kasuwa shekara guda.

Masai kuma kada ya yi ƙasa da mita 30 daga ruwa, kuma a wurin da ƙasa ba ta da zurfi irin naku gara a ƙara nisa, a sa shi gangaren da ba ya malalowa rafi. Maɗibar ruwan sha ta kasance a sama da inda baƙi ke wanka, a killace ta, ko hoto kada a je ɗauka a wurin. Wannan kaɗai zai kwantar da rabin hankalin dattawa.

Yaya za ku gane kun wuce gona da iri tun kafin abu ya ɓaci? Ku kafa turaku a wurare biyar a kan hanyar sauka, duk ƙarshen wata a auna faɗin hanya a daidai kowane turke a rubuta a littafi, a kuma ɗauki hoto daga wuri ɗaya. Ku yanke tun yau cewa idan hanya mai faɗin mita ɗaya ta kai ɗaya da rabi, za a rufe ta a jera mata duwatsu kamar matakala a yi mata hanyar ruwa a gefe. Ku ƙirga buhunan shara duk Litinin. Ku lura da gansakuka mai kauri a tafkin, alama ce ta sabulu da fitsari da ragowar abinci. Ku lura da saiwoyin da suka fito fili. Amfanin rubutawa shi ne ranar da gardama ta tashi tsakanin mai son ƙarin kuɗi da mai son a rage mutane, littafin ne zai yi magana, ba wanda ya fi ƙarfin murya ba.

Idan akwai birai a kurmin, ku kafa doka mai tsanani kan ba su abinci. Duk wanda ya kwana a sansanin Wikki a Yankari ya ga yadda gwaggon biri ke fizge leda daga hannun mutum, ya buɗe ƙofar ɗaki ko ta mota ya kwashi abin da ya samu. Ba haka Allah ya halicce su ba, sabo ne da abincin baƙi shekara da shekaru. A garinku abin zai fi muni, domin ranar da babu baƙi gonakin masara za su faɗa, manomi kuma ba zai tsaya kallo ba.

Kada wannan ya sa ka ɗauka rufe wuri shi ne kiyaye shi. Kurmin da ba ya kawo wa kowa ko sisi, mai gawayi da mai faskare da mai haƙar yashi da mai fasa dutse su ne za su sa masa farashi, kuma ka ga yadda ake cinye duwatsun kewayen Jos da guduma da nakiya. Yankari da kanta, da aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, ba don an ɗauke ta wuri mai daraja da ake zuwa gani ba, da wuya a ce giwa ta saura a cikinta yau. Kusa da ku ma akwai dajin Amurum a Laminga, ɗan wuri ne mai kimanin hekta 300, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis da ke haɗe da Jami'ar Jos take tun 2001. A duwatsun nan akwai wani ɗan jan tsuntsu da masana ba su tantance shi a matsayin jinsi na daban ba sai a 1998, da wani ɗan'uwansa da ke saka ƙwai a sheƙarsa. Saboda irin waɗannan, masu bincike da masu kallon tsuntsaye ke tasowa daga ƙasashe masu nisa. Ba su da yawa, ba sa kiɗa, suna tashi da asuba su bi jagora a hankali, suna kwana, kuma 'yan garin sun sami aiki a wurin, wasunsu sun zama gwanayen gane tsuntsu da kukansa. Baƙo ɗaya irin wannan da zai yi kwana huɗu ya fi muku bas guda ta masu zuwa da kula.

Ruwanda ta ɗauki wannan hanya har ƙarshenta. Takardar izinin ganin goggon birin tsaunukansu dala 1,500 ce tun 2017, mutum takwas kawai ke ziyartar garke ɗaya a rana, na awa ɗaya tak, kuma kashi 10 cikin 100 na kuɗin da gandun dajin ke samu ana mayar da shi ga garuruwan da ke kewaye. Tailan kuma ta bar wani gaɓar teku mai suna Maya ya cika da jiragen ruwa da dubban mutane kullum har halittun ƙarƙashin ruwan suka lalace, dole aka rufe shi a 2018, ba a sake buɗewa ba sai 2022, da ƙa'idoji masu tsauri. Ba ina cewa ku sa farashin da zai hana ɗan Jos da 'yan makaranta zuwa ba. A'a, a yi musu rangwame, a ware musu rana, domin yaron da ya ga wurin yana ƙarami shi ne zai kare shi gobe. Abin da za ku ɗauka shi ne a ƙayyade adadi tun wuri bai lalace ba.

Sai mai kuɗin. Masauki yana da amfani na gaske, domin baƙon da ya kwana yana cin abinci sau uku, yana buƙatar mai wanki da mai gadi da mai shara, kuma garinku ba shi da jarin gina shi. Amma ku san abin da yake ci. A ce ɗaki 20, mutum 40 idan ya cika, kowa na amfani da lita 200 a rana tsakanin wanka da ban-ɗakin zamani da wankin zannuwan gado da kicin. Lita dubu 8 ke nan, jarka 320 mai cin lita 25, kullum. Daga ina zai ɗebo? Idan rafin zai sa wa injin, ko ya haƙa burtsatse mai zurfi kusa da rijiyoyinku, watan Maris za ku ji a jikinku. Kuma ruwan nan dubu 8 da ya shiga, ƙazantacce zai fito. Ina zai bi? Duk wanda ya zo muku da zanen gini mai kyau amma ba ya iya nuna muku inda kwatami da ramin bahaya za su zauna, bai shirya ba. Akwai dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli tun 1992, ku nemi ya kawo rahotonsa, a karanta muku shi da harshen da kowa ke ji a gaban mai gari.

Shawarata ita ce ku raba abu biyu da yake so ya haɗa. Filin gina masauki daban, matsirga da kurmi daban. Ku ba shi hayar fili can baya, nesa da rafi, a kan ƙasar da ba ta noma sosai. Ruwa da kurmi da ƙofar shiga su zauna a hannun gari, baƙinsa su biya kuɗin shiga su ɗauki jagora kamar kowa. Ka tuna dubu 204 ɗin nan ba ta buƙaci gininsa ba, don haka ba a matse kuke ba. Shi ne ba zai iya cika ɗakunansa ba sai da ruwanku. Idan kuka ba shi duka ya zagaye da katanga, zai buɗe kicin nasa, ya sa motarsa ta ɗauko baƙi, ya kawo ma'aikatansa, ku koma masu leƙe ta ƙofa.

Idan ya ce zai ba ku kaso, ku tambaya kason mene ne. Kason riba ba abin dogaro ba ne, domin shi ke riƙe da littafi, kuma yana iya nuna muku shekara biyar babu riba bayan ya cire albashinsa da kuɗin dizal da na gyara. Ku nemi tsayayyen kuɗin haya duk shekara wanda ake sabunta shi saboda faɗuwar darajar naira, da wani abu a kan kowane baƙon da ya kwana, abin da ɗan garinku zai iya ƙirgawa a littafin masauki. Shekara 30 a dunƙule ta yi yawa, yaron da aka haifa bana zai yi 'ya'ya kafin ta ƙare. A sa zama duk shekara biyar. A rubuta cewa ba zai sayar ko ya jinginar wa wani ba sai da yardarku, kuma idan ya bar wurin a rufe shekara biyu fili ya dawo. A rubuta hanyar mata zuwa ruwa, da mashayar shanu, da duk wani wurin al'ada ko ibada da ba a shiga. A rubuta yawan 'yan gari da zai ɗauka, kuma ba gadi da shara kaɗai ba, har da horar da masu dafa abinci da mai riƙe lissafi. Ku ɗauki lauyanku na kanku, ba wanda shi ya kawo ba, domin na ga garin da suka ɗauka haya suka bayar, ashe takardar mallaka aka fitar.

Akwai haɗarin da ke cikin gida, wanda ba na so in tsallake don kai ne sakatare. Kuɗin ƙofa ya raba garuruwa fiye da yadda baƙo ya raba su. Rasit mai lamba, asusun banki da mutum uku ke sa hannu ciki har da mace, karanta lissafi a bainar jama'a duk wata uku. A fara cire na gyaran wurin, kamar kashi ɗaya cikin uku, kafin a raba komai, domin shara da matakala da albashin mai gadi ba sa jira. A tuna da masu gonakin da hanya ta ratsa da makiyayan da ke shayarwa a rafin. Wanda aka hana abin da ya saba samu ba a ba shi madadi ba, shi ne zai sa wa kurmin wuta da rani, kuma a Filato mun san inda ƙaramar rigimar fili da ruwa ke iya kaiwa.

Ga matasa kuma, ka faɗa musu daga bakina kada kowa ya sayar da gona ko ya bar noman rani saboda wannan. Kasuwar baƙi ta Asabar ce da Sallah da Kirsimeti da Ista, sauran ranaku shiru. Kuma babu sana'ar da tsoro ke kashewa da sauri kamarta. Waɗanda suka san Jos kafin Satumbar 2001 sun san yadda ake tururuwa zuwa shan sanyinta, a gidan tarihi da gidan namun daji da tsaunukan Shere, sun kuma ga yadda ƙafa ta ɗauke bayan rikicin, ta daɗe ba ta dawo ba. Gambiya ta rasa baƙi masu yawa a 2014 saboda cutar Ebola da ba ta ma shiga ƙasar ba, ta sake shan wani bugun a 2019 da kamfanin Thomas Cook mai kawo mata Turawan Ingila ya durƙushe, sannan korona ta zo a 2020 ta rufe duniya duka. Labari ɗaya na tare hanya tsakanin Akwanga da Hawan Kibo ya isa ya hana bas ɗin Abuja tasowa wata uku, ko da garinku lafiya lau yake. Wanda dankalinsa ke gona zai ci abinci a watannin nan, wanda ya ci bashi ya gina shago don baƙi kaɗai shi zai kwana da yunwa.

Kowa a garinku ya san kududdufan da haƙar kuza ta bari a Bukuru da Barikin Ladi da Rayfield. Kuzar ta tafi ƙasashen waje, ramukan suna nan har yau a gonakin mutane. Idan kun zauna taro, ku roƙi mai kuɗin ya ba ku damina ɗaya da rani ɗaya. A cikinsu ku haƙa masai, ku killace maɗiba, ku horar da jagorori shida, ku buga rasit, ku kafa turakun awo, ku rubuta duk baƙon da ya zo da abin da ya kashe. Ranar da za ku sake zama da shi, littafin nan zai gaya muku abin da wurin ke kawowa ba tare da shi ba, daga nan ne za a fara ciniki. Idan ka tara alƙaluman wata uku na farko, turo mini mu duba tare.